Auna Hawa da Saukar Ribar Asusun Jari Daga Takardun Baya

LEGAS — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga ofishin masu gudanar da asusun zuba jari na haɗaka ya san abin da ake fara nuna masa, watau ribar da asusun ya samu a shekarar da ta wuce. Ana rubuta wannan adadi da manyan lambobi a kan takardar talla, kuma yawancin mutane a kansa suke yanke shawara. Sai dai ribar shekara tana gaya wa mutum inda tafiya ta ƙare ne kawai, ba ta gaya masa irin gargadar da ke kan hanya ba. Asusu biyu suna iya rufe shekara da riba kusan ɗaya, alhali ɗaya ya yi tafiyarsa sannu a hankali, ɗayan kuwa ya yi ta faɗuwa da tashi, har wanda buƙata ta tilasta masa cire kuɗinsa a tsakiyar shekara ya fita da hasara.

Ga ɗan kasuwa wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin kuɗin da ya ajiye ba na zaman banza ba ne. Akwai ranar biyan dillali, akwai ranar fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, akwai lokacin kaka da ake sayen hatsi a ajiye. Tambayar da ta dame shi ita ce: idan na buƙaci kuɗina a watan da bai yi kyau ba, nawa zan iya tarar sun ragu? Amsar tana cikin takardun bayanin asusu da ake aiko masa, kuma ana iya fito da ita da biro da kalkuleta cikin sa'a guda.

Abin da ake aunawa

Masana tattalin arziki suna auna haɗarin jari da girman kaucewar ribar kowane wata daga matsakaicin ribar. Wannan tunani ya kafu ne tun 1952, lokacin da Harry Markowitz, masani ɗan ƙasar Amirka, ya buga maƙalarsa a kan zaɓen jari, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1990. Ma'anar ba ta da wuya. Asusun da ribarsa ta wata-wata ba ta nisa da matsakaicinta, ana iya yin shiri a kansa. Wanda kuwa yau ya haura sama gobe ya gangara ƙasa, sai an bar masa rata mai yawa. Adadin da ke nuna girman wannan kai-kawo shi za mu kira ma'aunin hawa da sauka.

Mataki na farko: fito da ribar kowane wata

Asusun haɗaka ana raba shi ne hannu-hannu, kuma kowane hannu yana da farashinsa da ke canzawa gwargwadon darajar kadarorin asusun. Saboda haka abin da za a nema a takarda shi ne farashin hannu ɗaya a ƙarshen kowane wata, ba jimlar kuɗin da ke cikin asusun mutum ba. Domin samun ribar watanni 12, ana buƙatar farashi 13, tun da watan farko ma sai an san inda ya taso. A cire farashin watan jiya daga na wannan wata, a raba abin da ya rage da farashin watan jiya, sannan a ninka sau 100. Hannun da ya tashi daga Naira 100 zuwa Naira 104 ya yi ribar kashi 4 cikin ɗari.

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kurakuran iri uku ne. Na farko shi ne aiki da jimlar kuɗi. A ce mutum ya shiga watan Janairu da Naira miliyan 10, ya ƙara miliyan 2 a ƙarshen watan, sai takarda ta nuna miliyan 12.4. Wanda ya dubi jimla zai ce an ci ribar kashi 24 cikin ɗari, alhali ribar gaskiya Naira 400,000 ce, watau kashi 4. Sauran kuɗinsa ne da ya zuba da hannunsa.

Na biyu shi ne manta rabon riba. Duk lokacin da asusu ya raba wa masu jari riba, farashin hannu yana sauka da kimanin abin da aka raba, domin kuɗin sun fita daga asusun sun shiga aljihun masu shi. Idan farashi ya sauko daga Naira 110 zuwa Naira 104 a watan da aka raba Naira 8 ga kowane hannu, wanda bai lura ba zai rubuta hasarar kashi 5.5. Daidai shi ne a mayar da Naira 8 ɗin kan 104, ya zama 112, sai a ga ashe ribar kashi 1.8 aka samu. Kuskure guda irin wannan ya isa ya sa asusu mai natsuwa ya zama kamar mai tangal-tangal.

Na uku shi ne cakuɗa farashi. Asusu da dama suna buga farashi biyu, na sayarwa ga mai shiga da na karɓa daga mai fita. A zaɓi na karɓa, domin shi ne kuɗin da mutum zai samu in ya fita, kuma a tsaya a kansa daga watan farko har na ƙarshe.

Misali da lambobi

Bari mu ɗauki asusun misali, wanda muka ƙirƙira domin bayani, mai zuba kuɗi a hannayen jarin kamfanoni. Ya shiga shekara da farashin Naira 100, bai raba riba ba, ga kuma abin da takardunsa suka nuna:

Janairu: 104.00, riba kashi 4
Fabrairu: 101.92, hasara kashi 2
Maris: 108.04, riba kashi 6
Afrilu: 109.12, riba kashi 1
Mayu: 103.66, hasara kashi 5
Yuni: 106.77, riba kashi 3
Yuli: 114.24, riba kashi 7
Agusta: 110.82, hasara kashi 3
Satumba: 113.03, riba kashi 2
Oktoba: 118.68, riba kashi 5
Nuwamba: 111.56, hasara kashi 6
Disamba: 111.56, ba riba ba hasara

Da farko a nemi matsakaici. Ribar watannin da suka yi kyau ta haɗu ta zama 28, hasarar kuwa ta zama 16. An cire 16 daga 28 saura 12, an raba da watanni 12, sai matsakaicin ya zama kashi 1 cikin ɗari a wata.

Sannan a duba nisan kowane wata daga wannan matsakaici. Janairu ya haura shi da 3. Fabrairu, da ya yi hasarar 2, ya gaza shi da 3. Maris ya haura da 5, Afrilu ya yi daidai da shi, Mayu ya gaza da 6. Haka za a bi har Nuwamba, wanda ya fi kowane wata nisa, domin ya gaza da 7.

Da za a haɗa waɗannan nisa yadda suke, da na sama da na ƙasa sun cinye juna an tashi da sifiri. Don haka ake ninka kowane nisa da kansa: 3 ya zama 9, 5 ya zama 25, 7 ya zama 49. Wannan yana da amfani biyu. Ya kawar da bambancin sama da ƙasa, ya kuma ba babban tsalle nauyin da ya cancanta, tun da wata ɗaya mai nisan 6 ya fi watanni shida masu nisan 1 cutarwa ga wanda ya fita a cikinsa. Sakamakon watanni 12 ɗin shi ne 9, 9, 25, 0, 36, 4, 36, 16, 1, 16, 49 da 1, jimlarsu 202.

Ana raba jimlar da 11, ba 12 ba. Dalili shi ne matsakaicin da muka yi awo da shi daga waɗannan watanni muka fito da shi, saboda haka ya fi kusa da su fiye da yadda matsakaicin asusun na dogon lokaci zai kasance, kuma rage ɗaya daga yawan watanni yana gyara wannan rangwame. An raba 202 da 11 an samu 18.4. Abin da ya rage shi ne a warware ninkin da aka yi, watau a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 18.4. A kalkuleta maɓallin √ ne ke yin wannan aiki, kuma amsar ita ce 4.3. Ma'aunin hawa da sauka na wannan asusu ke nan: kashi 4.3 cikin ɗari a wata.

Mai aiki da kwamfuta, in ya jera ribar watannin daga gida na B2 zuwa B13 a Excel, layi na farko zai ba shi ma'aunin wata, na biyu kuma na shekara:

```
=STDEV.S(B2:B13)
=STDEV.S(B2:B13)*SQRT(12)
```

Fassara adadin zuwa Naira

Adadin 4.3 ba shi da amfani sai an mayar da shi kuɗi. Ƙa'idar da ake bi ita ce, a lokacin da kasuwa ke tafiya yadda ta saba, kimanin watanni biyu cikin uku suna faɗawa tsakanin matsakaici a rage ma'auni ɗaya da matsakaici a ƙara ma'auni ɗaya. A misalinmu wannan ya kama daga hasarar kashi 3.3 zuwa ribar kashi 5.3. In mai karatu ya koma jerin da ke sama ya ƙidaya, zai tarar watanni 8 cikin 12 suna cikin wannan iyaka, Maris da Mayu da Yuli da Nuwamba ne kaɗai suka fita.

In aka faɗaɗa iyakar zuwa ma'auni biyu, watau daga hasarar kashi 7.6 zuwa ribar kashi 9.6, ana sa ran kimanin watanni 19 cikin 20 su shiga ciki. Ga mai Naira miliyan 10, ma'anar ita ce ragin Naira 330,000 a wata guda abu ne na yau da kullum da bai kamata ya hana shi barci ba, ragin Naira 760,000 kuma abu ne da ya kamata ya shirya masa. Idan akwai bashin miliyan 10 cif da zai biya nan da wata biyu, to wannan asusu ba wurin ajiye kuɗin ba ne, komai kyan ribarsa ta bara.

Takardun kamfanoni sukan bayar da ma'aunin ne na shekara. Ana samun sa ta ninka na wata sau 3.46, ba sau 12 ba, domin watanni masu kyau da marasa kyau suna ɗan cike wa juna giɓi. Namu ya zama kimanin kashi 15 cikin ɗari. Lallai ne mai kwatanta asusu biyu ya tabbata duka adadin na wata ne, ko duka na shekara, kuma daga watanni iri ɗaya aka fito da su.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: kai-kawo kansa yana cin riba. A kwatanta asusunmu da wani na biyu wanda shi ma matsakaicinsa kashi 1 ne a wata, amma ribarsa ba ta sauka ƙasa da 0.5 ba, ba ta kuma wuce 1.5 ba, ma'auninsa kimanin 0.3. Wannan na biyu zai mayar da Naira 100 ta zama kusan 112.7 a ƙarshen shekara, alhali na farko a 111.56 ya tsaya. A kan miliyan 10, bambancin ya haura Naira 100,000. Dalili kuwa sananne ne ga kowane ɗan kasuwa: jarin da ya faɗi da rabi, sai ya ninka kansa kafin ya koma inda yake.

Inda ma'aunin yake gazawa

Iyaka ta farko ita ce ma'aunin bai san abin da ba ya cikin takardun da aka ba shi ba. Tarihin kasuwar hannayen jari ta Nijeriya ya isa shaida. A farkon Maris na 2008 babban ma'aunin farashin kasuwar ya haura maki 66,000, bayan shekaru na hauhawa da suka biyo bayan haɗewar bankuna ta 2005, lokacin da mutane da yawa suka riƙa cin bashin banki suna sayen hannun jari. A ƙarshen 2008 ya sauko ƙasa da maki 32,000. A watan Janairu na 2009 kaɗai ya sake zubewa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, ya koma ƙasa da maki 22,000, watau kashi biyu cikin uku na darajar sun tafi cikin ƙasa da shekara guda. Wanda ya yi awo a ƙarshen 2007 da takardun shekara ɗaya ko biyu, babu wata lamba da za ta nuna masa wannan.

A gwada abin a kan misalinmu. In aka ƙara wata na 13 mai hasarar kashi 30, ma'aunin yana tashi daga 4.3 zuwa 9.5. Wata guda ya ninka shi fiye da sau biyu. Hasarar kashi 30 ta yi nisan ma'auni bakwai daga matsakaici, abin da ƙa'idar da muka ambata take ɗauka kamar ba zai taɓa aukuwa ba, ga shi kuwa ya auku. Darasin shi ne watanni 12 sun isa koyon lissafi, amma ba su isa yanke hukunci ba. A nemi aƙalla watanni 36, in da hali 60, kuma a tambayi kai ko cikinsu akwai lokacin da kasuwa ta shiga matsi.

Har ila yau, ninkawa sau 3.46 ya dogara ne a kan zaton cewa abin da ya faru a wannan wata ba ya jawo na gaba. A 2008 kuwa faɗuwa ta riƙa bin faɗuwa, domin waɗanda suka ci bashi an tilasta musu sayarwa, sayarwar ta ƙara karya farashi. Saboda haka yana da kyau a haɗa da awo na biyu mai sauƙi: a nemi farashi mafi tsawo a jerin, a nemi mafi ƙanƙanta da ya biyo bayansa, a ga zurfin ramin da kuma watannin da aka ɗauka kafin a fita daga cikinsa. A misalinmu ramin mafi zurfi shi ne daga 118.68 zuwa 111.56, kashi 6, kuma har shekara ta ƙare ba a fita ba.

Iyaka ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin tana zuwa ne da kamannin aminci. Ƙaramin ma'auni ba kullum yake nufin ƙaramin haɗari ba. Asusun kasuwar kuɗi, masu sayen takardun lamunin gwamnati na gajeren lokaci da ajiya a bankuna, yawancinsu suna riƙe farashin hannu a wuri ɗaya, riba ce kawai ke canzawa. Mai auna farashinsu sifiri zai samu. Haɗarinsu yana wani wurin: ko wanda aka ba rance ya kasa biya, ko ribar ta gaza hauhawar farashin kaya. A ƙarshen 2020 ribar takardun lamunin gwamnati na wata uku ta sauko ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 14. Takarda ba ta nuna hasara ba, amma abin da kuɗin za su iya saya ya ragu. Haka nan asusun da ke riƙe da gidaje da filaye, waɗanda ba a yi musu kima sai jefi-jefi: farashinsu yana kwance ne don ba a auna ba, ba don bai motsa ba.

Wani lokaci kuwa santsin takarda alamar zamba ce. Bernard Madoff na birnin New York ya shafe shekaru yana aika wa masu jari takardu masu nuna riba kusan kashi 1 a wata, kasuwa ta hau ko ta sauka. Wani mai nazarin harkar kuɗi, Harry Markopolos, ya duba lambobin ya ga cewa dabarar sayen hannayen jari da Madoff ya ce yana bi ba za ta iya haifar da irin wannan natsuwa ba, ya kuma kai ƙara ga hukumar da ke kula da kasuwar Amirka tun shekarar 2000. Ba a ɗauki mataki mai ƙarfi ba sai da abin ya rushe a Disamba na 2008, inda aka gano cewa kimanin dala biliyan 65 da takardun suka nuna yawancinsu a takarda kawai suke. A 2009 aka yanke masa ɗaurin shekara 150. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce a gwada ma'aunin asusu da irin kadarar da ya ce yana saye. Asusun da ya ce hannayen jarin kamfanoni yake saye, amma ma'auninsa ya yi kama da na ajiyar banki, akwai bayanin da ba a yi ba. A irin wannan hali a binciki rajistarsa a Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa, watau SEC, a tambayi sunan amintaccen asusun da na mai ajiye kadarorinsa, a kuma nemi rahoton masu binciken kuɗi na shekara.

Abu na ƙarshe shi ne irin kuɗin da aka yi awo da su. Asusun da ke lissafi da dala yana iya nuna natsuwa a dala, amma wanda zai biya ma'aikata da haya da Naira sai ya mayar da farashin kowane wata zuwa Naira kafin ya yi lissafi. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sassauta riƙon canjin kuɗi a Yuni na 2023, dala a kasuwar hukuma ta tashi daga ƙasa da Naira 500 zuwa sama da 700 cikin wata guda. Ga mai shigo da kaya daga waje kuwa, abin juyawa yake yi: asusun Naira mai kwanciyar hankali shi ne mai tangal-tangal, in aka auna shi da dalar da zai biya.

Don haka, kafin ɗan kasuwa ya sa hannu a takardar shiga asusu, ko ya ƙara a kan abin da ya zuba, ya nemi farashin ƙarshen wata na shekara uku zuwa biyar tare da ranaku da adadin duk rabon ribar da aka yi. Ya fito da ma'aunin, ya ninka shi biyu, ya cire matsakaici, ya mayar da abin da ya rage Naira a kan kuɗinsa. Sannan ya ɗora wannan adadi kusa da ranar da zai buƙaci kuɗin. In ya ga zai iya ɗaukar wannan ragi ba tare da ya kasa biyan kowa ba, asusun ya dace da wannan kuɗi. In ba zai iya ba, sai ya rage abin da zai zuba, ko ya nemi asusu mai ƙaramin ma'auni wanda ya fahimci dalilin ƙanƙantarsa.